Yadda Za Ka Jera Baiti, Share-fage da Amshi a Waƙarka ta Farko

Masu fara waƙa sun sha tambayata wanne ake sawa gaba. Ga yadda nake yi.

1. Rubuta saƙon waƙar a jimla ɗaya. Misali: ɗan ci-rani yana kewar mahaifiyarsa.

2. Fara rubuta amshi, ɗango 2 zuwa 4, wato layukan waƙa. Nan saƙon zai zauna: "Inna, ina nan tafe."

3. Rera shi sau uku ba ka duba takarda ba. In ya kuɓuce maka, rage kalmomi.

4. Rubuta baiti na farko, ɗango 4: tashar mota, sallama, kukan Inna.

Hattara: kada ka zuba kalmomin amshi cikin baiti. In ka yi haka, amshin zai iso ba ɗanɗano.

5. Rera baitin, ka faɗa amshi kai tsaye. In ya zauna daram, ba ka buƙatar share-fage, wato ɗan guntun da ke shiga tsakanin baiti da amshi. Waƙoƙinmu da yawa baiti da amshi ne kawai, kuma ni na fi son sabon marubuci ya fara da haka.

6. In ka ji kamar an yi tsalle, saka share-fage, ɗango 2 gajeru, murya tana hawa: "Damina ta kusa, hanya ta kira."

Nan aka fi yin kuskure. Share-fagen da ya fi amshi tsawo ko ɗaga murya yakan danne shi.

7. Rubuta baiti na biyu da karin na farko, amma labarin ya ci gaba: daren baƙunta.

8. Jera su: baiti, share-fage, amshi, sau biyu, sannan ka maimaita amshi.

9. Ɗauka a waya ka duba lokaci. In minti ɗaya ya wuce amshi bai shigo ba, datse baitin farko.