Shawara ga wanda aka kira gaban kwamitin ladabtarwa

Jama'a, assalamu alaikum. Duk ma'aikacin da aka ba takardar tuhuma, wato kwari, a nan Sakkwato, ya sani cewa amsar da ya rubuta ita ce kwamiti zai fara dubawa, saboda haka kada ya rubuta ta cikin fushi, kuma kada ya bari wa'adin da aka ba shi ya wuce.

A ɗauka an tuhume ka da rashin zuwa aiki na kwana biyar, alhali kana jinyar mahaifiyarka. Faɗar haka da baki ba ta wadatarwa. Ka nemo katin asibiti, da takardar sallama mai ɗauke da ranakun kwanciya, da rasiɗin magani, da saƙon da ka tura wa shugaban sashenka, sannan ka jera su bisa kwanan wata, domin idan ranakun ba su dace da waɗanda ke cikin tuhumar ba, nan za a kama ka. Hoton takardun za ka miƙa, ka riƙe na asali, kuma ka sa a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka, don takarda tana ɓata a ofis.

Game da ɗan rakiya, ka tambayi sakataren kwamitin a rubuce ko an yarda ka zo da wani. Idan an yarda, ni a ganina wakilin ƙungiyar ƙwadago ya fi ɗan'uwa amfani, domin ya san dokokin aiki, kuma zai rubuta abin da aka faɗa ba tare da zuciya ta ɗebe shi ba. Kada ka ɗauki wanda kake so ya ba da shaida, don ana iya hana shi zama a ɗakin.