Yadda za a rubuta waɗanda suka ƙaurace wa zaɓe a taron ƙungiya

Da farko, magatakarda ya ƙidaya mahalarta kafin a kaɗa ƙuri'a, sannan shugaba ya kira masu goyon baya, da masu adawa, da waɗanda suka ƙaurace, a rubuta adadin kowane rukuni daban. Idan jimillar ba ta zo daidai da yawan mahalarta ba, a sake ƙidaya nan take.

Daga nan sai a buɗe kundin tsarin ƙungiya, domin a nan hukuncin yake. Ɗauki misalin ƙungiyar manoman shinkafa a Argungu mai mambobi 40, inda 30 suka halarta: 13 sun amince a karɓi rancen taki, 10 sun ƙi, 7 sun ƙaurace. Idan kundin ya ce rinjayen ƙuri'un da aka kaɗa, ƙudurin ya wuce, tunda 13 ta fi rabin 23. Idan kuwa ya ce rinjayen mahalarta, ana bukatar 16, don haka ya faɗi, kuma shirun mutum bakwai ɗin nan ya yi aikin adawa ko da ba haka suka nufa ba. Idan rinjayen dukkan mambobi ne, sai an samu 21.

A ganina, wajibi ne shugaba ya karanta ƙa'idar kafin a ɗaga hannu, magatakarda kuma ya rubuta ta kusa da sakamakon.