Madarar shanu ga jariri: inda ake yin kuskure

Bara da bazara wata tsohuwa ta shigo asibitin ƙauyenmu a Jigawa goye da jikanta ɗan wata uku. Uwar ta rasu wurin haihuwa, madarar jarirai ta gwangwani kuma ta fi ƙarfin aljihunsu, sai aka koma karɓo madara daga ruga kullum safiya. Maɗigar yaron ta faɗa, leɓɓansa sun bushe, fitsarinsa ɗan kaɗan ne kuma ja. Ta ce mini, "Malama, wallahi sai na tafasa nake ba shi."

Na ce, "Iya, kin kyauta da kike tafasawa." Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta irin su tarin fuka na shanu, amma ba ta sauya abin da ke cikin madarar. Babban kuskuren shi ne a ɗauka tafasawa ta sa ta dace da jariri. Madarar saniya don ɗan maraƙi aka yi ta: furotin da gishirin da ke cikinta sun ninka na nonon uwa wajen sau uku. Ƙodar jariri ba ta yi ƙwarin tace su ba, dole ta jawo ruwan jikinsa don fitar da su. Ga zafin Afrilu, in gudawa ta haɗu da shi, kwana ɗaya ya isa ya bushe. Madarar jarirai ma daga ta saniya ake yin ta, sai dai an rage mata furotin, an ƙara mata sinadarin ayon.

Ayon ɗin nan shi ke gina jini. Madarar saniya ba ta da shi sosai, kuma tana iya sa hanjin jariri ya riƙa tsiyayar jinin da ido ba ya gani. A duba tafin hannu da cikin fatar ido. In sun yi fari, a kai shi gwajin jini.

Wasu kan sirka madarar da ruwa wai don ta yi sauƙi. Ciki zai cika, yaro kuwa ramewa zai yi. Madarar shayi ta leda ita ma ba ta jarirai ba ce, ko da gari ce.

To mafita? Kafin wata shida, nonon mace ko madarar jarirai kawai. Mu sai muka dace, ƙanwar mamaciyar tana goyo, aka yi mata gwajin HIV, ta haɗa su biyu tana shayarwa. In gwangwanin ne, a bi awon da ke jikinsa, yawanci cokalinsa ɗaya a shafe ga ruwa mililita 30 da aka tafasa, a ba shi da kofi mai tsabta.

Bayan wata shida akan sa ɗan kindirmo a kunu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a ƙa'idojinta na 2023, ta yarda yaron da ba ya samun nono ya sha tafasasshiyar madarar dabba daga wannan lokacin. Sai dai a haɗa masa da hanta, ƙwai, kifi ko wake, su ne za su cike gurbin ayon.