Yadda na gyara kulorin da ke ɓacewa a ƙarshen layi

A masana'antar lemon kwalba da nake kula da tsafta a Jidda, gwajin safe ya riƙa nuna miligiram 0.5 na ragowar kulorin a kowace litar ruwa a bakin tanki, amma famfon ɗakin wanke kayan aiki da ke can ƙarshe bai ko kai 0.1 ba. Mu kuwa 0.2 ne mafi ƙarancin abin da muke karɓa.

Wasu suka ce a ƙara magani. Na ƙi, domin ruwan kusa da tanki zai yi wari alhali ba a taɓa tushen matsalar ba. Sai na bi layin famfo-famfo, ina barin ruwa ya zuba minti biyu kafin in ɗiba, in jefa ƙwayar DPD 1 mai sauya launin ruwa gwargwadon kulorin da ke ciki, in karanta launin nan take, don in ya jima yakan ƙara duhu ya ruɗe ka. Bayan wani tsohon reshen bututu da aka toshe bakinsa ne adadin ya faɗi. Ruwa na kwana a ciki, zafin Jidda da dauɗar da ta manne suna cinye kulorin.

Muka yanke reshen daga gindinsa, muka wanke layin da kulorin mai ƙarfi, muka ɗauraye. Yanzu ƙarshen layi na ba da 0.3, gwajin ƙwayar cutar E. coli kuma ya fito babu komai a mililita 100.