Yadda Ƙaramin Ma'aikaci Zai Yi Jawabin Fatan Alheri a Liyafar Ƙarshen Shekara Ba Tare da Fadanci Ba

Idan aka ce kai, ƙaramin ma'aikaci, za ka tashi ka ce wani abu a liyafar cin abincin dare ta ƙarshen shekara kafin a ɗaga kofuna, abin da zai fara zuwa maka a rai shi ne ka yi ta koɗa shugaba. Ba laifinka ba ne, shi ke sa hannu a takardar ƙarin girma. Amma ka tuna mutanen da ke zaune a zauren sun yi shekarar nan tare da kai. Sun san wanda ya yi aiki, sun san wanda ya iso bayan an gama. Yabon da ya wuce gona da iri ba ya ɓuya a gabansu, kuma wanda aka danne wa haƙƙi yakan daɗe bai manta ba.

Da farko ka tambayi wanda ya ba ka aikin abu biyu: minti nawa aka ba ka, kuma wa zai yi magana kafin kai. Idan shugaba zai riga ka kawo ribar shekara da manyan nasarori, kada ka maimaita. Minti ɗaya da rabi ya ishe ka, wato kalmomi 150 zuwa 200.

Na biyu, kuma a nan aikin yake, ka nemi abu ɗaya da ya faru a shekarar wanda ka gani da idonka. Ɗaya tak. Sifofi irin su "jajirtacce" da "haziƙi" ba su da awo, kowa za a iya liƙa masa su, shi ya sa suke jawo ƙorafi. Aikin da aka yi kuwa yana da rana, yana da shaidu.

A ce wata bakwai ke nan da ɗaukarka aiki a kamfanin da ke rarraba kaya. Wata Alhamis da yamma aka gano cewa odar wani babban abokin ciniki, katan 40, an haɗa ta da kayan da ba su ba, ga shi mota za ta tashi da sassafe. Mai kula da sito ya zauna ya buɗe katan-katan ɗin ɗaya bayan ɗaya. Akanta, wadda ta riga ta ɗauki jakarta za ta tafi gida, ta dawo ta sake rubuta takardar kuɗin. Direba ya jira har aka gama lodi. Manaja ya kira abokin cinikin ya ba shi haƙuri, bai ambaci sunan wanda ya yi kuskuren ba. Kai kuma ka riƙe takardar lissafi kana ƙirga.

Kafin ka rubuta komai, ka je ka tambaya. Kai ƙarami ne, ba duk abin da ya faru ka gani ba. Wataƙila ba mai sito ne ya fara gano kuskuren ba, wata ce a sashen karɓar oda ta lura da lambar kayan ta buga masa waya. Idan ka tashi a gaban jama'a ka ba shi yabon da nata ne, ka zalunce ta, shi ma ka jefa shi cikin kunya. Ka tambayi mutum biyu da suke wurin, kowa shi kaɗai: "Wa ya fara ganin matsalar nan?" Idan bakinsu bai zo ɗaya ba, ka faɗi aikin da sunan sashen gaba ɗaya. Sannan ka sanar da waɗanda za ka ambata tun kafin ranar, domin akwai wanda ba ya son a kira sunansa a taro.

Yanzu batun shugaba. Tsallake shi gaba ɗaya rashin ladabi ne, kuma shi ma rashin adalci ne idan ya yi abin kirki. Ka auna shi da mudun da ka auna kowa: me ya yi da ka gani? A misalinmu, ya ɗauki laifin a kansa a waya. Wannan za ka faɗa, a jimla ɗaya, daidai tsawon ta direba. Idan ka duba shekarar ba ka sami irin wannan ba, ka gode masa a kan abin da yake gaskiya, kamar shirya liyafar da ba ka damar magana, ka wuce. Girmamawa a gaisuwa daban take da zuga. Ka ce "ranka ya daɗe" da zuciya ɗaya, amma kada ka ce shi kaɗai ya ɗauki kamfanin a kafaɗarsa.

Ga yadda jawabin zai iya kasancewa, kai sai ka sa sunayen mutanen a gurbin muƙamansu:

"Ranka ya daɗe manaja, iyayena da yayyena a wurin aiki, barkanmu da yamma. Wata bakwai ke nan da zuwana, don haka abin da na gani kawai zan faɗa. Ranar da odar katan 40 ta rikice, 'yar'uwarmu ta sashen oda ce ta lura da lambar. Mai sito ya buɗe kowane katan da hannunsa. Akanta ta fasa tafiya gida ta gyara takardar. Direba ya jira mu bai yi ƙorafi ba. Manaja ya kira abokin cinikin ya ɗauki nauyin abin. Da safe mota ta tashi a kan lokaci. Na san akwai ranaku irin wannan da yawa a sassan da ban shiga ba, waɗanda suka yi su sun san kansu. Ina roƙon mu ɗaga kofunanmu domin duk wanda ya tsaya bayan tashi a bana, da fatan baɗi ta fi."

Ka lura an jero mutanen ne bisa yadda abin ya faru, ba bisa muƙami ba, bayan gaisuwar farko. Ba a faɗi wanda ya yi kuskuren ba, ko da wasa. Mai maganar bai sa kansa a ciki ba. Jimlar nan ta "sassan da ban shiga ba" kuwa ina ganin ita ce ta fi muhimmanci, domin ita ke hana masu shara, masu gadi da 'yan sashen kwamfuta jin cewa an shafe su.

Idan ka gama rubutawa, ka bi kowace jimla da tambaya ɗaya: da mutumin nan ba shi da ikon ƙara mini albashi, zan faɗi wannan? Wadda ta faɗi wannan gwajin, ka soke ta. Ka kuma farauci kalmomin "ya fi kowa", "shi kaɗai" da "ba don ita ba", domin duk inda suka fito, akwai wanda aka rage wa daraja a kujerar da ke kusa. Sai ka karanta wa abokin aikin da ba ya jin nauyin gaya maka gaskiya, kana duba agogon wayarka. Inda ya yi murmushin da bai kai ido ba, ko ya sunkuyar da kai, nan zugar take.

A daren, ka rubuta sunayen a ƙaramar takarda, don ruɗewa takan sa mutum ya manta sunan wanda yake gani kullum. Ka jira a gama raba abin sha, ka tabbatar kowa yana da abu a kofinsa, ko ruwa ne. Ka miƙe, ka riƙe kofin a ƙasa har sai jimlar ƙarshe. Ka raba kallonka ga zauren, kada idonka ya maƙale a teburin manya. Idan ka tuna ka tsallake wani bayan ka zauna, kada ka sake karɓar makirufo. Ka tashi ka same shi a kujerarsa kafin a watse, ka gaya masa abin da ka ga ya yi.