Darasi na Tara: Littafin Lura da Ranakun Fargaba

Mai fama da fargaba yakan ce, "Haka kawai gabana ke faɗuwa." Sau da yawa akwai abin da ke tayar da ita, sai dai mutum ya manta da abin da ya faru jiya da shekaranjiya. Littafi ba ya mantuwa. A wannan darasi za mu koyi yadda ake rubuta shi da yadda ake karanta shi.

Yadda ake shirya littafin

Nemi ƙaramin littafin rubutu da biro. Ware shafi guda ga kowace rana, ka sa sunan ranar da kwanan wata a sama. Kowane dare bayan sallar isha'i ka rubuta amsar tambayoyin nan:

1. Awa nawa na yi barci daren jiya?
2. Me na ci, me na sha, kuma yaushe? Kada a manta da goro, shayi, kofi, sigari da magani.
3. Yaushe fargabar ta zo, ina nake, me ke faruwa?
4. Me jikina ya ji? Bugun zuciya, gumi, rawar hannu, ko toshewar numfashi?
5. Wane tunani ya zo mini?
6. Ƙarfinta nawa ne, daga 0 zuwa 10?

Lamba 0 na nufin hankali a kwance, 10 kuma mafi tsananin da ka taɓa ji. Idan ba agogo, lokutan salla sun wadatar: "bayan azahar", "gab da magariba". Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna ya rubuta kalma ɗaya ko biyu. Mata su sa alama a kwanakin al'ada, domin wasu sukan ji fargabar ta ƙaru kafin zuwanta.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne a rubuta ranakun lafiya ma. Mutane da yawa sai ran da abin ya tsananta suke ɗaukar biro, alhali ba a gane dalilin mummunar rana sai an gwada ta da mai kyau.

Yadda ake karanta shi

Kada ka yanke hukunci a makon farko. Bari a yi mako huɗu, sannan ka zagaye duk ranar da lambarta ta kai 7 ko ta wuce, ka duba abin da ya haɗa su.

Mu ɗauki misalin wani tela. A kwana 28 ya zagaye ranaku tara, shida daga cikinsu Alhamis ko Juma'a ne. Nan take ya ce matsin masu karɓar ɗinki ne. Amma da ya koma kan shafukan, sai ya ga wata Juma'a da shagon ya cika maƙil, lambarsa kuwa 3 ce kawai. Daren da ya gabace ta ya yi barcin awa bakwai. Ya kuma ga wata Litinin da ba kowa a shagon, amma lambar ta kai 8, domin ya kwana ɗinkin kayan suna yana cin goro yana kora shayi. Takwas daga ranakun nan tara sun biyo bayan daren da barcinsa bai kai awa biyar ba.

Wannan ba abin mamaki ba ne. Goro, shayi da kofi duk suna da sinadarin kafin, wanda ke ƙara bugun zuciya yana kuma hana barci. Bayan kimanin awa biyar, rabin abin da aka sha yana nan a jiki.

Duk da haka, abu biyu na iya haɗuwa a rana ɗaya ba tare da ɗaya ya jawo ɗaya ba. Don haka sai a gwada. Telan ya canza abu guda kaɗai, wato ya bar goro da shayi daga la'asar har tsawon mako biyu, yana ci gaba da rubutu. Da ya canza abu uku lokaci guda, ba zai san wanne ya yi aiki ba. Wanda ya saba da goro sosai ya rage a hankali, don yankewa farat ɗaya kan kawo ciwon kai na 'yan kwanaki.

Iyakar littafin

Rubutu sau ɗaya a rana ya isa. Idan ka ga kana yini kana sauraron bugun zuciyarka don ka rubuta, littafin ya fara ƙara maka damuwa, sai ka sassauta. Idan kuma ya nuna cewa kasuwa ko taro ne ke tayar maka da fargaba, kada ka ƙaurace musu gaba ɗaya, domin gudu yana ƙara wa tsoro ƙarfi.

Littafin ba ya maye gurbin likita. Ƙarancin jini, matsalar maƙoƙo da wasu magungunan asma na iya kawo bugun zuciya da rawar hannu. Ka tafi asibiti da littafinka a nuna wa ma'aikacin lafiya, kuma kada ka daina maganin da aka rubuta maka ba da saninsa ba. Ciwon ƙirji, suma, ko tunanin cutar da kai ba sa jiran mako huɗu, a je asibiti a ranar.

Aikin gida: Rubuta shafi bakwai, ɗaya kowace rana, ka zo da su aji mako mai zuwa. Ba dole ba ne ka karanta wa kowa abin da ke ciki.