Kafin ka tura wa Hajiya wannan shafin maganin suga

Jama'ar Nima da Mamobi, shafukan nan masu cewa wai wani shayin ganye yana warkar da ciwon suga cikin sati biyu sun cika mana waya, kuma wallahi akwai iyayenmu da ke ajiye maganin asibiti saboda su.

Abin da ya fi rudar mutane shi ne kwanan wata. Sai mutum ya gangara can ƙasan shafi ya ga shekarar bana kusa da alamar © ya ce ai sabon bayani ne, alhali wannan lambar ta shafin ce gaba ɗaya, sau da yawa ma da kanta take canzawa duk shekara. Nemi "Last reviewed" ko "Updated" a jikin rubutun kansa. Kar ka raina wannan fa, tun 2004 Ghana ta canza tsarin maganin maleriya ta bar kulorokwin saboda ya daina kashe ƙwayar cutar, to tsohon shafin da ke cewa a sha shi ka ga zai iya kwantar da yaro.

Sai ganin "Dr." da hoton farar riga mutum ya saki jiki. Dokta wa? Dokta a wane fanni? Shiga "About Us" ka nemi cikakken suna da inda yake aiki, in ya ce shi likita ne a Ghana to dole yana da rajista da hukumar likitoci ta Medical and Dental Council. Babu suna, rufe kawai.

Hujja kuma nan ne ake cin mu sosai. Za su rubuta wai bincike ya tabbatar, mu kuma ba ma latsawa mu gani, in ka latsa sai ka tarar a jikin ɓeraye aka gwada ko a kwalbar laburatori, ko kuma mutane ƙalilan na ɗan lokaci. Sugan ɓera ya sauka ba ya nufin na Hajiya mai shekara 60 da ciwon ƙoda zai sauka lafiya. Labarin wata mata da ta ce ta warke ma ba hujja ba ce, ba ka ga awon jininta ba, ba ka kuma ji labarin waɗanda suka sha bai yi musu komai ba.

Daga nan duba wa ke cin riba. In rubutun ya ƙare da lambar MoMo da farashi a sidi, ko ka ga "Sponsored" a sama, mai kaya ne ke yabon kayansa. Dokar lafiyar jama'a ta 2012 ma ta hana tallar maganin warkar da suga da hawan jini. Duba ko kayan na da rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, amma ko yana da ita kar Hajiya ta ajiye metformin ɗinta, maganin suga na asibiti, ta kai kwalin shayin wajen likitanta ranar kilinik ya duba abin da ke ciki.